Haidiroksizin: Maganin ƙaiƙayi da fargaba mai kwantar da mutum, da abin da yake yi wa bugun zuciya

Da zarar hunturu ya kama, fata ta bushe, sai masu neman maganin ƙaiƙayi su yawaita a kantunan magani. Mafi yawansu Piriton suka sani, amma akwai wani da ya fi shi nauyi wanda likitoci ke rubutawa idan ƙaiƙayin ya hana barci, ko kuma idan mutum ya zo da kukan fargaba da rashin natsuwa. Sunansa haidiroksizin. A jikin kwali za ka ga an rubuta Hydroxyzine, kuma sunan kasuwa da aka fi saninsa da shi a duniya shi ne Atarax. Yawanci yana zuwa a ƙwaya mai miligiram 10 ko 25, akwai kuma na ruwa.

Tsohon magani ne. Kamfanin UCB na ƙasar Beljiyam ne ya samar da shi tun a shekarun 1950, kuma daɗewar nan tasa ce ta sa mutane da dama, har da wasu ma'aikatan lafiya, suke ɗaukarsa tamkar abin da ba ya da wata illa in ban da gyangyaɗi. A makon nan zan tsaya ne a kan abubuwa biyu da suka kamata mai shansa ya sani kafin ya haɗiyi ƙwayar farko: iyakar barcin da yake sawa, da kuma irin mutanen da zuciyarsu ba ta ɗaukarsa.

Yadda ƙwaya ɗaya take aiki biyu

Akwai wani sinadari a jikinmu da ake kira histamin. Idan jiki ya haɗu da abin da bai karɓe shi ba, sai fata ta saki wannan sinadari, shi ne ke kawo ja da kumburi da ƙaiƙayi irin na borin jini. Haidiroksizin yana toshe wuraren da histamin ke sauka, sai ƙaiƙayin ya lafa. To amma a cikin ƙwaƙwalwa histamin wani aiki ne da shi dabam: yana cikin abubuwan da ke riƙe mutum a farke. Shi kuwa wannan magani yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa a sauƙaƙe, ya toshe histamin a can ma. Daga nan barcin yake fitowa, kuma wani ɓangare na natsuwar da mai fargaba ke ji daga nan ne.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Idan maganin ya isa hanta, tana juya wani kaso nasa ya koma setirizin, wato maganin nan na ƙaiƙayi da atishawa da ake sayarwa ko'ina. Kenan setirizin ɗa ne ga haidiroksizin, sai dai shi ba ya shiga ƙwaƙwalwa sosai, shi ya sa barcinsa bai kai na uban ba. Wanda ke shan su biyun a tare yana maimaita abu guda ne. Kuma wanda setirizin ya taɓa tayar masa da bori a jiki kada ya sha haidiroksizin.

Barcin da ke wuce dare

Bayan minti 15 zuwa 30 da shansa mutum yakan fara jin nauyin ido, kuma maganin yana kai ƙololuwarsa a jini bayan kamar awa 2. Barci mai nauyin yakan ɗauki awa 4 zuwa 6. Da a nan abin ya tsaya da babu damuwa sosai. Matsalar ita ce maganin yana daɗewa kafin ya bar jiki. A jikin babban mutum mai lafiya sai an yi kusan awa 20 kafin rabinsa ya fita, a jikin tsoho kuwa abin yana kai kusan awa 29.

Mu ƙirga tare. Direban da ya sauke kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas ya sha miligiram 25 da ƙarfe 9 na dare don ya samu barci. Ƙarfe 5 na asuba ya tayar da mota zai koma Arewa. Awa 8 kacal ke nan da shan ƙwayar, kuma mafi yawan maganin yana nan a jikinsa bai fita ba. Idonsa a buɗe yake, ya sha shayi, ya rantse garau yake. Amma tsakanin ganin rami a titi da taka birki, ɗan jinkirin da ya ƙaru shi ba zai ji shi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro game da tsofaffin magungunan ƙaiƙayi baki ɗaya, domin mutum ba ya iya auna kansa. Haka abin yake ga ɗan acaba, da mai keke, da mai injin niƙa, da mahauci mai riƙe da wuƙa. Duk wanda sana'arsa ke buƙatar hanzari, ya fara shan maganin a daren da washegari ba zai fita aiki ba, ya ga yadda jikinsa zai karɓe shi. In an samu hali ma ya nemi a canza masa zuwa loratadin ko setirizin da rana.

Ga mutane da yawa gyangyaɗin yana raguwa bayan kwanaki kaɗan ana sha. A nan ne wasu ke cewa maganin ya daina aiki, sai su mayar da ƙwaya ɗaya biyu. Sabon da ƙwaƙwalwa ta yi da barcin bai shafi zuciya ba, don haka ƙarin da aka yi yana nan yana taruwa.

Barcin yana ninkuwa idan aka haɗa shi da wani abin da shi ma ke kwantar da ƙwaƙwalwa: barasa, tiramol, kodin, Valium da danginsa. Har da maganin mura da tari na ruwa, domin da yawansu akwai ɗan'uwan Piriton a ciki ba tare da mai sha ya lura ba. Haɗa shi da tiramol ko kodin yana iya kai wa ga numfashi ya yi ƙasa a cikin barci.

Tsofaffi su ne suka fi shan wahala. Baya ga barci, maganin yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana sa gani ya yi hazo-hazo, yana kuma riƙe fitsari. Dattijon da dama fitsarinsa ke fita da ƙyar saboda kumburin mafitsara irin na maza, ƙwaya ɗaya tana iya toshe shi gaba ɗaya. Wata tsohuwa kuma sai ta rikice, ta kasa gane jikokinta, ko ta tashi fitsarin dare ta faɗi ta karya ƙugu, iyali su ce tsufa ne ya zo gaba ɗaya. Masu hawan jinin ido su ma sai da izinin likitan ido.

Abin da ya faru a 2015

A shekarar 2015 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta kammala bitar rahotannin da suka taru game da wannan magani da bugun zuciya. Ba ta hana shi ba, domin ta ga yana da amfani kuma haɗarin ƙarami ne ga mai lafiya. Amma ta rage adadin da aka yarda a sha, ta kuma fayyace waɗanda bai kamata a ba su ba. Babban mutum kada ya wuce miligiram 100 a yini. Tsoho an fi so a guje masa, in kuwa ya zama dole, kada ya wuce miligiram 50. Yaron da nauyinsa bai wuce kilo 40 ba kada ya wuce miligiram 2 a kan kowane kilo a yini. Wato yaro mai kilo 15 iyakarsa miligiram 30 a yini gaba ɗaya, a rarrabe. In na ruwan da ke hannunki mai miligiram 10 ne a cikin mililita 5, to mililita 15 ke nan a wuni da dare, kuma wannan iyaka ce ta sama, likita yakan rubuta ƙasa da haka.

Na kawo wannan ne saboda har yanzu akwai takardun bayanin magani, musamman masu bin tsarin Amurka, da ke nuna miligiram 50 zuwa 100 sau huɗu a yini don fargaba. Magungunan kasuwarmu daga ƙasashe dabam-dabam suke shigowa, kowanne da takardarsa. Ni dai idan takardar likita ta haura miligiram 100 a yini, sai na kira wanda ya rubuta mun yi magana kafin in miƙa.

To mene ne haɗin maganin ƙaiƙayi da zuciya? Kowane bugun zuciya da ɗan tartsatsin lantarki yake tafiya. Bayan ta matse, sai tsokar ta sake shiri kafin bugu na gaba, kuma wannan shirin ya dogara ne da fitar sinadarin fotasiyam ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin tsokar. Haidiroksizin yana ɗan tare waɗannan ƙofofi, sai shirin ya ɗauki lokaci fiye da kima. A takardar gwajin ECG wannan lokaci shi ake kira QT, kuma injin yakan buga adadin da aka daidaita da saurin bugu a ƙarƙashin QTc. A ƙa'ida bai kamata ya wuce kusan 450 ga maza ko 460 ga mata ba, a ma'aunin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Idan ya haura 500, an shiga haɗari: wani bugu yana iya faɗowa kafin zuciya ta gama shiri, sai ta rikice ta kama kaɗawa da sauri ba tare da tura jini ba. Wani lokacin tana komawa daidai da kanta bayan 'yan daƙiƙu, mutum ya suma ya farfaɗo. Wani lokacin ba ta komawa.

Da wuya haidiroksizin shi kaɗai, a adadin da ya dace, ya kai mai lafiya ga wannan hali. Kusan kullum tarayya ake yi: magani a kan magani, a kan ciwon zuciya, a kan ƙarancin fotasiyam. Saboda haka aka ce kada a ba wanda aka san QT ɗinsa dogo ne, da mai ciwon zuciya, da wanda bugunsa ke tafiya a hankali ƙwarai, da wanda fotasiyam ko maganiziyam ɗinsa ya yi ƙasa, da wanda a danginsa an taɓa samun mai ƙuruciya da ya faɗi ya mutu farat ɗaya, da kuma mai shan wani maganin da shi ma ke tsawaita QT.

Wannan na ƙarshen shi ya fi shafarmu, domin magungunan da ke cikin jerin su ne na yau da kullum a gidajenmu. Na zazzaɓin cizon sauro suna ciki: kwinin, kulorokwin, Halfan, da masu ɗauke da fiferakwin irin su P-Alaxin. Takardar Coartem ma ta ja kunne game da haɗa shi da irin waɗannan magunguna. Akwai masu kashe ƙwayoyin cuta irin su eritiromaisin, azitiromaisin da sifurofuloksasin, wanda ake kira sifro ana sha kamar gyaɗa da sunan taifot. Akwai fulukonazol da mata ke sha don ƙaiƙayin gaba, da wasu magungunan amai. Kulorokwin kuwa nasa ya fi ban takaici, domin sananne ne yana sa baƙar fata ƙaiƙayi mai tsanani, don haka mutanenmu suka saba haɗa shi da maganin ƙaiƙayi. In maganin ƙaiƙayin haidiroksizin ne, an haɗa biyu masu jan zuciya waje guda.

Mu bi misali guda daki-daki

A ɗauki wata uwa mai shekara 62, mai hawan jini, tana shan ƙwayar da ke sa yawan fitsari, irin su Lasix. Hunturu ya busar mata da ƙafafu da baya, ƙaiƙayi ya hana ta barci. Ɗanta ya je kemis aka ba shi haidiroksizin mai miligiram 25, aka ce safe da rana da dare. Miligiram 75 ke nan a yini. Bai kai 100 ba, amma ga mai shekarunta ya yi yawa, ga shi kuma an fara da shi kai tsaye alhali ƙa'idar ƙaiƙayi ita ce a fara da 25 da dare kawai. Tunda maganin ba ya gama fita kafin a ƙara wani, kullum yana taruwa, sai wajen kwana 4 zuwa 5 yake tsayawa a matakinsa na sama.

A kwana na biyar sai zazzaɓi ya rufe ta, da amai da gudawa. Ba a yi gwaji ba, aka sayo Coartem da sifro, wai a kashe maleriya da taifot lokaci guda. Ba wanda ya tuna da ƙwayar ƙaiƙayi, domin a wurinsu ba ta cikin lissafin magani. Washegari da yamma tana zaune a kan tabarma ta ce ƙirjinta na kaɗawa, sai ta sulale, jikinta ya ɗan fizga, bayan ƙasa da minti ɗaya ta farfaɗo tana tambayar me ya faru. Wani ya ce farfaɗiya ce, wata ta ce iska ce, aka yayyafa mata ruwa.

Yanzu a ƙirga abin da ya taru a kanta. Mace ce, kuma QT na mata dama ya ɗan fi na maza tsawo. Ta manyanta. Ƙwayar fitsarin tana zubar da fotasiyam a hankali tun da daɗewa, amai da gudawa suka zo suka kwashe saura. Sannan magunguna uku masu tsawaita QT suka haɗu a jininta. Kowanne a cikin waɗannan shi kaɗai wataƙila da ba abin da zai faru.

Abin da ya dace a nan shi ne a kai ta asibiti a daren, ko da ta ce ta warware, a tafi da duk kwalayen magungunan a leda guda. Za a yi mata ECG, a auna fotasiyam, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 3.5 da 5.0, a duba ƙoda. A ce an samu fotasiyam 2.9, QTc kuma 520. Za a tsayar da haidiroksizin nan take, a mayar mata da fotasiyam da maganiziyam, a sa ido a kan zuciyar har adadin ya sauko, wanda yakan ɗauki kwanaki tunda maganin a hankali yake fita. Za a gwada jini a ga ko maleriyar gaskiya ce. In ita ce, dole a yi maganinta, likita ne zai zaɓi yadda za a ci gaba. Sifro kuwa mai yiwuwa tun farko ba a buƙace shi ba. A lura da wanda aka fara jefarwa: maganin ƙaiƙayi, saboda shi ne ake da abin maye gurbinsa. Ƙaiƙayin bushewar fata ma ba histamin ne tushensa ba. Man kaɗanya ko basilin a shafa da an fito wanka jiki da ɗan danshi, a rage ruwa mai zafi ƙwarai da sabulu mai kaifi da dirzar soso, sun fi kowace ƙwaya yi masa aiki.

Suman da ya zo farat ɗaya babu jiri ko gumi kafinsa, musamman mutum yana zaune ko kwance, ko kaɗawar ƙirji tare da duhun gani, alamu ne da ba a jira da su gari ya waye ga mai shan wannan magani.

Faɗuwar gaba: fargaba ce ko zuciya?

A ɓangaren fargaba maganin yana da gurbinsa. Yana aiki tun ranar farko, kuma ba ya kama mutum irin kamun Valium, shi ya sa likitoci ke son sa na ɗan lokaci. A tsarin Turai akan ba babba miligiram 50 a yini a rarrabe, kaso mafi girma da dare. Sai dai yana lafar da alamu ne kawai na wasu awanni. Fargabar da ta yi watanni tana hana mutum sukuni tana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa, da zaman tattaunawa, wani lokacin da magani na dogon zango. A nan ma a yi hattara, domin sitalofuram da esitalofuram, waɗanda ake rubutawa don damuwa da fargaba, suna tsawaita QT, ba a haɗa su da shi. Amitiriftilin ma haka, ga kuma ƙarin barci da bushewar baki.

Abin da na fi so a riƙe shi ne kalmar da muke amfani da ita. Bahaushe yakan ce gabana na faɗuwa, kuma da wannan kalma guda yake nufin tsoro, yake kuma nufin zuciyar da ke tsallake bugu. Ƙarancin jini yana kawo faɗuwar gaba, ciwon maƙoƙo mai sa rama da gumi yana kawo ta, ciwon zuciya ma yana kawo ta. Kenan wanda ya zo neman maganin fargaba yana iya zama ainihin wanda aka hana wa haidiroksizin.

Na fi jin wannan game da masu jego. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ciwon raunin zuciya na bayan haihuwa ya yawaita a tsakanin matan Arewacin Najeriya fiye da yawancin sassan duniya, tun daga binciken da aka yi a Zariya shekaru da dama da suka wuce. Mai jegon da ke kukan faɗuwar gaba, da haki in ta kwanta, da tarin dare, da kumburin ƙafa, asibiti za a kai ta a duba zuciya. Kada a ce tunani ne a sayo mata ƙwayar natsuwa. Dama kuma ba a ba mai ciki ko mai shayarwa wannan magani, domin yana isa ga jariri.

Masu ciwon ƙoda da na hanta su ma suna yawan fama da ƙaiƙayi, kuma su ne jikinsu ya fi jinkirin fitar da maganin. Ga mai ciwon ƙoda da ya yi nisa akan rage adadin zuwa rabi, ga mai ciwon hanta a rage kamar kashi ɗaya bisa uku. Ƙaiƙayin duk jiki da babu ƙuraje, wanda ya wuce makonni, ko ya zo da shawara a ido, gwajin jini yake buƙata kafin komai. Wanda kuma ya kama 'yan gida gaba ɗaya, ya fi tsanani da dare a tsakanin yatsu, ƙazuwa ce, maganinta na shafawa ne ga kowa da kowa a gidan. Yara kuwa kada a ba su don su yi barci a huta. Wasu ma maimakon barci sai su birkice da kuka da rashin zama, kuma in ya yi yawa yana iya kawo jijjiga.

Abu na ƙarshe a kan kanta ne. Akwai maganin hawan jini da ake rubuta sunansa Hydralazine, kuma a rubutun hannu mai sauri yana kama da Hydroxyzine ƙwarai, ga shi dukansu suna zuwa a miligiram 25. Rikita su kuskure ne sananne a kantunan magani a ko'ina cikin duniya. Idan aka miƙo maka, ka karanta sunan harafi-harafi, ka faɗa wa mai ba da maganin ciwon da aka rubuta maka shi dominsa, sannan ka lissafa masa duk abin da kake sha, har da na zazzaɓin da ka saya jiya.